Wutsiyar Maganar da Aka Datse

Shekara ashirin da biyu Mai Sabulu tana tuƙa sabulu a ɗakin bayan gidanta, har tafin hannunta ya yi kaushi kamar gindin tukunya. Duk wadda ta saya, bayan sati biyu sai ta kira ta: "Ya kika ji shi? Turo min muryarki a waya, in kin yarda in sa a talla." Wadda ta ce a'a, an gama. Ƙanwarta ce ke ɗora muryoyin a shafinsu.

Rannan wata malamar makaranta ta turo tata: "Sabulun nan ya share min ƙurajen fuska tas. Amma kada a yi wa jariri wanka da shi, na gwada wa nawa, jikinsa ya yi jawur ya kumbura."

"Yaya, mu datse wutsiyar," in ji ƙanwar. "Ai ba ƙarya muka yi ba, bakinta ne ya faɗa."

Mai Sabulu ba ta hana ba. Aka datse, aka ɗora.

Kwana huɗu da haka, tana tsakiyar yanka sabulu, ta kunna saƙon matar direba da ke bayan layinsu: "Inna, na ji tallanku, na aika an sayo min. Jaririyata zan yi wa wanka da shi, ƙurajen zafi sun feso mata."

Mai Sabulu ta duba lokaci. Tun safe aka turo saƙon, ga rana ta take. Ta kira, waya a kashe. Ta fita da takalmi wari da wari, matar da ko tsani ba ta hawa saboda gwiwa, tana gudu tana salati.

Ta tarar da baho cike da ruwan ɗumi, an ɓare sabulun, jaririya a cinyar uwarta ana cire mata riga. Ta wawure sabulun.

"Inna, lafiya?"

Tana haki ta zaro wayarta. Sai ta kunna mata muryar malamar tun daga farko har ƙarshe. Matar ta ƙanƙame 'yarta.

"To me ya sa ban ji wannan a tallan ba?"

Mai Sabulu ta juya gida da sabulun a hannunta.

A ranar ta tsaya a kan ƙanwarta aka sauke tallan, aka ɗora muryar cikakkiya, ta kira malamar ta nemi gafara. Sannan ta bi duk wanda ya saya a kwana huɗun nan gida gida. Ta same su duka, ban da mace ɗaya, wata baƙuwa da ta zo da goyo, ba ta bar lamba ba.

Yanzu ko tari mutum ya yi a saƙonsa, da tarin ake ɗorawa. Kuma duk mai goyon da ta tsaya a ƙofarta, Mai Sabulu fatar yaron take fara kallo kafin ta amsa sallama.