Injiniyar da ke shafi na shida

Ina aikin buga takardu a wani shagon kwamfuta a Tambuwal lokacin da wani Alhaji ɗan kwangila ya kawo aiki. Yana neman kwangilar ginin ajujuwa a Kebbe, ana son ɗan littafin da ke gabatar da kamfaninsa. Ni kaɗai na zauna na tsara shi: tarihin kamfanin, takardar rajista, shaidar biyan haraji, hotunan kwalbatoci biyu da ya taɓa ginawa.

Da muka zo shafi na shida, shafin ma'aikata, ba shi da injiniya ko ɗaya. Ya ɗauko hular kwano daga mota, ya ɗora mini bisa hijabi, ya ɗauke ni hoto.

Na ce, “Baba Alhaji, sakandare fa kawai na gama.”

Ya yi dariya. “Ke ɗiyata, mi kike tsoro? Wa ka karanta shafi na shida?”

Da hannuna na rubuta “injiniya” ƙarƙashin fuskata, har da lambar wayata.

Bayan mako uku wani mutum ya kira daga kwamitin tantance 'yan kwangila, ya nemi lambar rajistata ta injiniya. Na ce ni mai buga takardu ce. Ya ce to, za su neme ni.

Alhaji ya rasa kwangilar, ya daina amsa gaisuwata. Ban gaya wa kowa a gida ba. Har yau idan baƙuwar lamba ta kira, sai in kife wayar, in zauna har ta katse.