Inshorar da ta raba ni da jikana

Jikana ya samu lasin tuƙi, yana son ya riƙa jigila tsakanin Ƙaura da Shinkafi, ya kwana gida kusa da ni. Masu ba shi mota biya sannu-sannu suka ce sai da babbar inshora, wadda ke biyan gyara in an yi haɗari. Kuɗin suka fi ƙarfinmu.

Na bi shi wurin mai inshorar tare da kawunshi, tsohon direba, na ce, "Ɗan nan, don mi inshorarshi ta fi ta kawunshi tsada?"

Ya ce, "Inna, sabon hannu ya fi yin karo, kuma ba mu da shaidar tuƙinshi."

Kawun ya ce a rubuta shi ne direban motar, ba jikana ba. Na ce ban koyi karatu da furfura ba don in ga an rubuta ƙarya. Mai inshorar ya ce ran da aka yi haɗari aka gano, ba a biya. Hanyar halal ita ce ƙaramar mota, ko jikana ya yarda ya ɗauki kaso mai yawa na gyara, ko ya yi shekaru yana tuƙi ba haɗari, a sassauta mashi.

Ya zaɓi ta ƙarshe, ya tafi Gusau tuƙa motar wani kamfani. Ya ce, "Tsohuwa, kada ki yi wani miji kafin in dawo."

Har yau in mota ta tsaya ƙofar gida sai na leƙa. Ni na hana ƙaryar, kuma ni ke cin tuwo ni kaɗai.