Yatsan da Baba ke lazimi da shi

Kwana huɗu na yi ina jinyar Baba a asibitin Wurno, ciwon huhu ya kama shi tsakiyar dashen albasa. Da na ishi nas da tambaya, ta zaunar da ni gaban na'urar da ke gefen gadonsa ta koya mini. Koren lamba bugun zuciya ne, daga wayoyin ƙirji. Shuɗi iskar jini ce, daga ɗan abin da ke maƙale a yatsa. Fari, mai lamba biyu, awon jini. Ta ce kada in yarda da shuɗin sai na duba layin da ke gefensa.

Rana ta biyar Yaya ya karɓe ni, na dawo Goronyo in yi wanki. Ko sabulu ban jiƙa ba ya turo hoton na'urar a zauren iyali na waya: shuɗi 68. Kafin in goge hannu Inna ta fara salati, Baffa kuma ya kira direba a ɗauke Baba zuwa Sakkwato. Wato a cire masa oksijin a sa shi cikin mota ta yi ta jijjiga shi.

Na buɗa hoton. Kore 84, layinsa a jere tsaf. Fari 126 bisa 78. Layin shuɗin kuwa kamar tonon kaza, ga ƙaramar lamba kusa da shi, bugun da yatsa ke ƙirgawa: 151.

Na kira Baffa. "Baffa, ku dakata. Zucciya guda ba ta buga 84 ga ƙirji, 151 ga yatsa."

"Ke yaushe kiz zama likita?"

"Ban zama ba. Ku ba ni minti biyar."

Na kira Yaya, raina a ɓace. "Mi Baba shika yi da hannunai?"

"Hannu? Ana maganar rai kina maganar hannu?"

"Duba dai! Leɓunanai sun canza? Shina haki?"

"A'a. Lazimi shikai. An hana mai tasbaha, shina ƙirgawa da yatsu."

"Da wane hannu?"

"Dama mana."

"Abin na ga wane hannu?"

"Shi ma ga dama."

"Yaya, nas na ɗaki na biyu. Ka tsallake ta ka turo ma mutum talatin hoto? Tai ka kira ta!"

Ina kan waya na ji ta shigo. Ta duba numfashin Baba, ta mayar da abin zuwa yatsan hagu, ta ce ya ajiye hannun kan cinya. Hoto na biyu ya zo: layin shuɗi ya zama tudu-tudu a jere, 95, bugun yatsa 85.

Baffa ya sallami direba. Baba ya zauna kan oksijinsa. Ta cikin waya na ji shi yana faɗa wai an ɓata masa ƙirge, sai ya faro daga farko.