Ranar da Na Mutu Kafin In Yi Ciwo

Shekarar da na ajiye koyarwa a firamare aka zo Gumel neman dattijuwar da za ta fito uwa a wani fim. Wani tsohon ɗalibina ne ya nuna musu gidana, wai tun suna aji huɗu ni ke shirya musu wasan kwaikwayo. Suka ba ni takarda ɗaya in karanta. Uwa ce ta bi ɗanta direba har tashar Maigatari, ta riƙe masa hannu tana roƙon kada ya ƙetara iyaka da wani lodi. Ina gama karantawa darakta ya ce an gama magana. Ni ma takardar nan ce ta sa na yarda, don duk cikin fim ɗin ita ce fitowar da na ji a jikina. Sati uku ina maimaita ta a tsakar gida, har awakina sun haddace.

A tunanina fim kamar karatun aji yake, a fara daga shafin farko a bi har ƙarshe. Ranar Litinin aka kwashe mu zuwa wani gidan ƙasa a Gagarawa, mataimakin darakta ya miƙo min jadawali. Na ga lambobi a hargitse: fitowa ta arba'in da ɗaya, sai ta uku, sai ta sha ɗaya, sai ta sha uku. Na ce, "Ɗan nan, wa ya koya maka ƙirga?"

Ya yi dariya ya ce, "Mama, wuri muke bi, ba labari ba. Gidan nan kwana biyu aka ara mana, duk abin da ya faru a cikinsa sai mun ɗauke shi yau da gobe. Jarumin da zai fito ɗanki kuma zuwa Alhamis kawai muke da shi, akwai wani aikin da ke jiransa a Kano."

Na gyaɗa kai kamar na gane. Ban gane komai ba.

Abu na farko da aka sa ni shi ne in mutu. Ko gaisawa ba mu gama yi da yaron da zai zama ɗana ba, aka shafa min hoda a leɓe, aka kwantar da ni, ya durƙusa yana rusa kuka a kaina, wai saboda hasken safiya ne ya dace da ɗakin. Ina tashi daga mutuwa aka canja min zane, na koma shekara biyu baya ina dariya ina zuba masa fura. Da azahar na ɗaure masa jakar tafiya, kyamara a kan hannuwana. Da la'asar aka ce in shigo gida ina kuka in zauna a tabarma in tallafe kai. Na tambayi me nake wa kuka, aka ce daga tasha na dawo. Tashar da ban je ba tukuna.

Akwai wata matashiya mai littafi da waya wadda suke kira mai kwantiniti. Aikinta shi ne ta tabbatar abin da aka ɗauka yau ya dace da na jibi. Duk fitowa sai ta ɗauke ni hoto, gaba da baya, har ta ishe ni. Ranar Talata da muka gama da gidan ta ce, "Mama, saura ta tasha, ranar Alhamis, don ranar kasuwa muke so. Don Allah kada a canja komai." Na ce to, ai kayan ma suna hannunta.

Laraba babu ni, suna can Gumel a garejin wani bakanike. Ranar kuma ake ƙunshin 'yar ƙanina a Sule Tankarkar, ni ce babbar gwaggo. Mai lalle ta jawo hannuna, na ɗan janye, sai na zauna na yi lissafi irin na malamar makaranta. Matar nan ta fim, ranar da ta je tasha lafiyarta ƙalau, ciwo bai zo ba, mutuwa ma an riga an yi ta an gama. Me zai hana mace mai lafiya sa lalle? Har na ga kamar gyara zan yi musu, hannun ya fito da kyau. Na miƙa duka biyun. Lallen kuwa ya kama ja wur har wuyan hannu.

Ranar Alhamis kasuwar Maigatari ta cika, manyan motoci sun yi layi, mutanen ƙetare na ta sauke dabbobi. Na fito da hannu daga hijabi zan karɓi zane, mai kwantiniti ta dafe ƙirji ta ce, "Innalillahi! Mama, me kika yi?"

Ta buɗe wayarta ta nuna min hotuna biyu. Ga ni ina ɗaure jaka, ga ni na tallafe kai a tabarma, hannuwa fes babu ɗigon lalle. Ta ce, "Wannan sha ɗaya ce, wannan sha uku. Ta yau sha biyu. A labari duk yini ɗaya ne. Kin ɗaure jaka da safe, kin biyo shi tasha, kin koma gida."

Na ce, "To ai waccan Litinin ce."

"A wurinmu Litinin ce. Mai kallo minti biyar zai gani."

Sai a lokacin lambobin nan suka jeru a kaina, ni da na shekara talatin ina koya wa yara abin da ke tsakanin sha ɗaya da sha uku. Kunya ta rufe ni. Aka kawo lemon tsami, aka kawo omo, na dirje hannu har ya yi zafi, lalle ko gezau. Na ce a koma Gagarawa a sake waɗancan. Mataimakin darakta ya ce mai gidan ya dawo da iyalinsa, kuma jarumi na cikin ta sha ɗaya, ƙarfe huɗu zai kama hanya. Na ce a jira ya goge. Ya ce kafin nan jarumi ya yi aski ya shiga wani fim ɗin. Bai ɗaga min murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi min sauƙi.

Darakta ya yanke shawara a tsaye. Zan faɗi maganata hannuwana a cikin hijabi. Wurin riƙe hannun kuma, wanda za a matso da kyamara, aka kira matar da ke dafa wa ma'aikata abinci, sa'ata ce, aka sa mata hijabina. Ina tsaye bayan wata mota ina kallo ta kama hannun yaron, ya fizge, yatsunta suka bi shi suka tsaya a iska. Sau biyu aka ɗauka aka gama. Abin da na yi sati uku ina koya, ta yi shi tana tunanin shinkafarta kada ta kama.

Bayan wata biyar fim ya fito, muka taru da hantsi a ɗakin yayata aka kunna. Yanzu komai ya bi layi, ciwo ya zo kafin mutuwa, har ni na fahimci labarin a karon farko. Can aka zo fitowar tasha. Hannun ya cika talabijin, yatsu a tsaye a iska. Yayata ta share hawaye da gefen mayafi ta juyo ta dube ni.

"Ke dai Allah ya yi miki baiwa," in ji ta. "Maganar ma ba ta taɓa ni kamar hannun ba. Ko cikin dubu na gan shi na san naki ne, sak na Inna, Allah ya jiƙanta."

Kowa ya ce amin. Ni ma na ce amin, na tura hannuwana ƙarƙashin zane.