Mafarin Awo

Zanen ƙarshe da maigidana, wanda ya koya mini aikin ƙarfe, ya yi a shagonmu na Dutse na gidan boris ne, wanda sandar injin casar shinkafa take juyawa a ciki. Wani manomi daga Jahun ya kawo aikin. A lokacin idon maigida ya fara rauni.

Ya kira ni, ya ɗora yatsa a takardar. "Na farko, fuskar da ke zama jikin injin, ita ce A, daga nan kowane awo zai tashi. Na biyu, ramin boris na gaba, shi ne B. Na uku, tsakiyar ramin baya kada ta kauce wa ta B fiye da kashi biyu cikin ɗari na milimita. Ka ji ko?"

"Na ji, Baba."

Amma da na huda ramin gaba, na juya ƙarfen, sai na daidaita shi da bayansa, wanda ba a goge ba, maimakon A da B, don ya fi sauri. Faɗin kowane rami ya fito daidai, sai dai ba su kan layi ɗaya. Sandar ta yi zafi, boris ya ƙone ana tsakiyar kaka.

Manomin ya dawo yana faɗa. "Tsoho, in ba ka gani, ka bar wa yara!"

Maigida ya daɗe yana duban zanen, sannan ya dube ni. "Laifina ne, Alhaji," in ji shi.

Na bar shi ya ɗauki laifina. Bai sake zuwa shago ba har Allah ya karɓi abinsa. Takardar tana wurina, kuma babu kuskure ko ɗaya a cikinta.