Alhajin da ya ci bajin maƙwabcina

Ni dillalin motoci ne a unguwar PK8, 'yan hannu, waɗanda ake saukewa daga jirgin ruwa a tashar Owendo. Da wankin mota na fara lokacin da na zo daga Kano, har Allah ya ba ni filina. Katangar kwano ce kawai tsakanina da maƙwabcina, mutumin Garwa, wanda ya same ni a cikin sana'ar. Ni na nuna masa yadda ake gane motar da ta taɓa shan ruwa. Ina faɗin wannan ne don a san inda abin yake yi mini ciwo.

Dukkanmu muna da tasha a dandalin bidiyo, inda muke nuna kaya. Ni in na tsaya gaban mota sai in faɗi shekararta, injinta, abin da na canja mata, in yi shiru. Shi kuwa sai ya zagaya ta yana yi mata kirari kamar amarya, Faransanci a gaba, Hausa a baya, Fillanci a tsakiya. Mutanen da ko keke ba za su saya ba suna kallonsa daga Duwala har Yamai don su yi dariya. Da haka mabiyansa suka haura dubu ɗari, ya nemi alamar tantancewa, aka duba cewa shi ne da gaske, tashar tana da hoto da bayani kuma tana aiki, aka liƙa masa. 'Yar aba ce toka-toka a gefen suna, kamar makin malami a littafin ɗalibi. Baj muke ce mata a nan.

Na karanta sharuɗɗanta fiye da mai ita. Ba ta ƙara maka komai, ba lambar yabo ba ce, shaida ce kawai cewa tashar ta mai sunan ce. Amma a sana'armu wannan shaidar ita ce kasuwa. Ɓarayi suna kwashe bidiyonmu su buɗe tasha mai kama da tamu, su karɓi kafin alƙalami daga mutanen nesa su ɓace.

Haka na rasa babban mai sayena, wani Bagabone a Port-Gentil da yake sayen a-kori-kura don aikin katako. Bai taɓa taka filina ba. Bidiyo yake gani, mu yi waya, in ɗora masa mota a jirgi. Wata rana wani ɗan'uwansa ya faɗa hannun masu tashar bogi da bidiyona a ciki, sai mai sayen nawa ya kira ni ya ce, "Patron, ban ce kai ne ba. Amma daga yau inda na ga baj nan zan saya." Sati bai zagayo ba na ga ana fitar da farar a-kori-kura daga filin maƙwabcina za a kai tashar jirgi. Na tsaya a bakin katanga ina yi masa barka, bakina kamar na tauna maɗaci.

Ban iya ɓoyewa ba, kuma ya sani. In ya wuce da safe sai ya ɗaga mini waya in ga alamar ya ce, "Bakano, ka gaishe ta mana." In ce, "Ɗan Garwa, da surutu ake sayar da mota, da aku ya fi ka fili." Wani ya zo ya ce zai sayar mini da mabiya in cike dubu ɗarin da ake nema kafin a ba da baj. Na kore shi, ba don tsoron Allah kaɗai ba. Na san irin waɗannan share su ake yi, wani lokaci har da tashar.

Sai maƙwabcin nawa ya tafi aikin Hajji. Da ya dawo aka yi walima a filinsa bayan azahar, an janye motoci gefe an shimfiɗa tabarmi, ga dabino ga zamzam a ƙananan kofuna. Yana ta murmushi don a ga haƙorin Makka. Mai fenti ya riga ya ƙara El Hadj a allon ƙofa, don a wurinmu wanda ya je ya dawo ba a sake kiran sunansa tsirara. Wani dattijo ɗan Maraɗi ya ce, "To Alhaji, allo ya shaida, saura wayar."

Maƙwabcina ya ciro ta nan take. Ni ina kusa da shi, na ga ya shiga wurin sunan tasha.

"Alhaji, dakata," na ce. "In ka taɓa sunan nan bajin zai tafi. Sunan da suka tantance shi suka sani. Sai ka sake nema daga farko. Ka sa Alhajin a hoto, ko a bayanin tasha, ka bar sunan."

Ya dube ni, ya dubi jama'a, ya fashe da dariya. "Kun ji Bakano! Bajin ya tsone masa ido, yanzu Alhajin ma ya tsone masa. Ɗan'uwa, kujerar ba ta ƙare ba, ka biya ka je."

"Wallahi gaskiya nake gaya maka."

"Yaushe ka fara tausayin bajina?"

Aka yi ta dariya, har dattijon yana cewa in ci dabino in huce. Ban ga laifinsu ba. Wanda aka sani da ƙyashi, ko ya ce ga maciji cewa za a yi yana son tabarmar. Maƙwabcina ya rubuta Alhajin a sunan, ya danna abin da wayar ta nuna masa bai tsaya karantawa ba, ya ɗaga ta sama aka yi kabbara. Da ya sauke ya sake dubawa, gefen sunan fayau.

Ba zan ce ban ji daɗi ba. Dabinon da na ci bayan nan ya fi na farko zaƙi.

Ya sake nema, aka bar shi yana jira. Ana cikin haka mutumin Port-Gentil ya kira ni, karo na farko tun rabuwarmu. Ya ce ya ga tashar maƙwabcina da wani sabon suna kuma babu baj, shin ɓarayi ne suka kwaikwaye shi? Yana son mota cikin gaggawa, amma ba zai tura ko sisi ba sai ya tabbatar.

Da na ce ban sani ba, da shi ke nan. Amma ƙaryar da za ta tonu ranar da baj ya dawo ba jari ba ce. Na ce masa tashar tasa ce, Makka ya je ya ƙara wa sunansa girma, alamar ta faɗi. Sannan na ce, "Tunda ka kira, kunna kyamara." Na fita titi na nuna masa allona, na shigo da shi har gaban wata a-kori-kura da na ajiye, na tada injin ya ji da kunnensa. Ita ya saya.

Daga baya an mayar wa Alhaji bajinsa, a gefen sabon sunan. Yanzu yana da biyun, ni ba ni da ko ɗaya, kuma har yau yana gaya wa mutane bakina ne ya kama shi. Mutumin Port-Gentil bai koma masa gaba ɗaya ba, bai kuma zauna wurina ba. Sai ya kira shi ya ji farashi, ya kira ni ya gaya mini, mu yi ta rage wa juna riba ta saman katanga.

Mabiyana suna tafiya a hankali, kamar taksin da ya cika a hawan PK8. Na riga na biya kujerar Makka ta bana. Sai na dawo na gyara sunan tukuna, sannan in nemi nawa.