Wasan Haruffan da Ya Rufe Mana Aji

Ni kafinta ne, kuma sai da furfura ta fara fito mini na shiga ajin yaƙi da jahilci. Ɗaki ɗaya ne a makarantar unguwarmu a nan Suleja, kwamitin unguwa suka ba da aronsa bayan la'asar. Matan unguwa ne suka roƙa aka buɗe shi, mu maza daga baya muka raɓu. Su ne a bencin hagu, mu a na dama, sun fi mu yawa, sun kuma fi mu saurin ɗauka. Malamarmu a Abuja take aiki, ta dawo a gajiye ta tsaya a gaban allo. Tun farko ta gaya mana cewa ranar da mata suka daina zuwa, kwamiti zai karɓi makullinsa.

Ni aka naɗa monita, wai don ba na fushi. Saboda haka lambar kowa tana cikin wayata, har ta matan aure, da izinin mazajensu. Idan cunkoso ya riƙe Malama a hanya ko hadari ya haɗu, ni ke sanarwa. Da farko kira nake yi. Da hannuna ya ɗan faɗa sai na koma rubuta saƙo, layi ɗaya, in daɗe a kansa kamar mai feƙe ƙofa. Unguwa duk ta san kafinta ya iya rubutu, don ni ma ban ɓoye ba.

Abokin zamana a benci wani direban keke mai ƙafa uku ne da ke jigila zuwa Diko, mai yawan barkwanci. Wata rana kafin Malama ta iso ya nuna mini wasa a wayarsa. Harafi ne ke fitowa babba, ka bi shi da yatsa, in ka yi daidai a tafa maka.

“Baba kafinta, kawo wayarka in zuba maka. Ko ka daina rubuta mana harafin ‘ba’ kamar harafin ‘da’.”

“A ina ka samo?”

“Wajen masu lodi a tasha. Na cikin kantin waya sai da data, ga talla. Wannan buɗaɗɗe ne, an cire masa komai.”

Kantin da yake nufi shi ne wanda ke zuwa da waya, inda ake sauke manhajoji. Wannan kuwa fayil ne da suke kira APK, ana tura shi daga waya zuwa waya ba tare da data ba, yadda muke tura waƙa da wa'azi. Wayata tsohuwa ce, ta hannu. Ya turo mini fayil ɗin, da ya taɓa shi sai ta tsaya, ta fito da rubutu. Ya shiga wani wuri ya kunna wani abu, ta sake fito da wani rubutun mai alamar gargaɗi. Na sa ido, na gane haruffan ɗaya bayan ɗaya, amma da na haɗa su ba su ce mini komai ba. Turanci ne, mu kuwa Hausa muke koya.

“Me take cewa?”

“Surutu ne kawai. Kishi suke yi don ba a wajensu ka ɗauka ba.”

Ya danna wani ƙaramin rubutu a ƙasa, wasa ya shiga. Da ya buɗe sai tambayoyi suka biyo, kowace da zaɓin sama da na ƙasa. Mu da muka riƙe waya shekaru ba mu iya karatu ba, da wuri da launi muka san ta. Mun san inda ake dannawa abu ya wuce gaba. Can muka danna, ni da shi, har aka tafa mana.

Na ji daɗin wasan, ba zan ce ban ji ba. A shago idan ina jiran gam ya kama, ina bin haruffa da yatsa. Wayar ta riƙa ɗaukar zafi a aljihu, caji ba ya kai yamma, na ce tsufa ne. Katin da na sa ya ƙare ban kira kowa ba, na ce kamfani ne da halinsu.

Ranar wata Asabar da hantsi ina goge katako, wani mutum ya tsaya a ƙofar shago bai yi sallama ba. Mijin ɗaya daga cikin ɗalibanmu ne, mai sayar da hatsi, kuma ɗan kwamiti. Matarsa ce ta fi kowa ƙoƙari a aji. Ya miƙo mini wayarta.

“Karanta, tunda ka iya.”

Lambata ce a sama. Rubutun Turanci ne, da wani shuɗin layi a ƙarshe.

“Alhaji, ban san abin da ya ce ba.”

“Ni an karanta mini. Ya ce masoyiya, zo ki ga hotonmu. Hoton me kuka ɗauka?”

Na ajiye abin guga. Na ce wallahi ban rubuta ba, ban ma iya Turanci ba. Ya ce wanda ya koyi wancan zai koyi wannan. Bai ɗaga murya ba, ya karɓi wayar ya tafi. Kafin azahar surukina ya kira daga Tafa yana tambaya ko lafiya nake. Mai kawo mini katako ya kira yana dariya. Duk wanda ke cikin wayata saƙon ya je masa, maza da mata. Matata ma ta samu, ta dube ni ta ce ita dai ta san ba ni ba ne, don ko da baki ban taɓa ce mata haka ba. Bara warhaka da babu wanda zai zarge ni, kowa ya san da babban yatsa nake sa hannu.

Direban keke ya zo da kansa, fuska ba walwala, shi ma wayarsa ta yi aika-aikar, sai dai babu matan aji a cikinta. Ya kai ni layin masu gyaran waya, wajen wani ɗan kudu da ya daɗe a garin har Hausa ta zauna a bakinsa. Na roƙe shi kada ya goge komai tukuna, ya nuna mini a hankali, don ina da wanda zan je in yi wa bayani.

Ya cire sim, ya buɗe jerin manhajojin wayar, ya shiga wasan, ya nuna mini izinin da aka ba shi.

“Baba, duba nan. Wannan izinin ganin lambobinka ne. Wannan na karanta saƙo da aikawa. Wasan yara me zai yi da lambar surukinka?”

“Ban san na ba shi ba.”

“Ya tambaya, ka ce to. Abin da ya sa katinka ya ƙare ke nan, da shi ya aika. Shuɗin layin nan kuma duk wanda ya danna, irin fayil ɗin zai sauka a wayarsa. Ka ce kada su taɓa.”

Ya ce wasan na gaske ne, wani ne ya ɗauko shi ya farke ya cusa nasa abin a ciki ya ɗinke, shi ya sa yake aiki lafiya ba ka zargin komai. Ya ɗauki fayil ɗin ya ɗora a wani shafi da ke gwada shi da manhajojin tsaro masu yawa a lokaci guda. Muka jira. Jan rubutu ya jero.

“Da kun yi wannan kafin ku sa, da kun gani. Ko da ya fito fes ma ba shaida ba ce, sabon ɓarawo ba a san fuskarsa ba. Mai gadin da ke cikin wayar ya yi muku magana, kuka tsallake shi. In abu yana kanti, a kanti za ka ɗauka, ka duba sunan wanda ya yi shi. In ya nemi abin da ba ruwansa, ka ce a'a.”

“Oga, ina a'a take?” in ji direba.

Ya nuna mana kalmar. Na kwafe ta a bayan hannuna da biro.

Ya ɗauki hoton jan rubutun ya buga mini a takarda, sannan ya kwashe hotunana ya wanke wayar tas, ya ce in canza lambar sirri ta banki.

Na bi gidajen ɗaya bayan ɗaya. A zaure ko a ƙofar gida nake tsayawa, in yi sallama da maigida, in nuna takardar, in faɗi abin da aka faɗa mini yadda na riƙe shi. Wasu suka ce Allah ya kyauta, sun gane. Wani ya ce ya yarda da ni, amma bai yarda da waya ba, kuma bai ga dalilin da lambar iyalinsa za ta zauna a aljihun wani ba. Na naɗe takardata na wuce gida na gaba. Mai hatsi ya bar ni a tsaye har ya gama awo, ya karɓi takardar ya juya ta.

“Wannan ma Turanci ne.”

“Shi ne, Alhaji. Mai gyara zai zo ya fassara in kana so.”

“Malam, ko aljani ne ya rubuta, an karanta a gaban ƙannena. Za ka mayar musu da kunnuwansu yadda suke?”

Malama ta je gaban kwamiti da kanta. Ta ce ita ma saƙon ya zo mata, da limamin unguwa, ko shi ma masoyiya ne? Aka ce wasu sun yi dariya. Ta ce a cire ni daga monita, a naɗa mace, lambobin mata su koma hannunta. Na aika cewa in fitata za ta gyara, na fita daga ajin gaba ɗaya. Suka ce za su duba.

Na daina zuwa, ina jin labari daga bakin direba. Matar mai hatsi ba ta dawo ba. Maƙwabciyarta da suke tafiya tare ta ce ba za ta iya ratsa layin ita kaɗai ana kallonta ba. Daga nan bencin hagu ya riƙa raguwa, wannan ta ce haihuwa, waccan ta ce baƙi. Wata dattijuwa mai tuyar ƙosai ta fi kowa daɗewa, ta ce ita ba ta da mijin da zai hana ta, kuma saura kaɗan ta iya karanta takardar asibiti. Ita kaɗai ba ta isa riƙe ɗaki ba.

Da damina ta tsaya, kwamiti ya ce makaranta na buƙatar wurin ajiye karyayyun kujeru. Ba wanda ya ambaci saƙo. Shugaban makarantar bai san tsakanina da ajin ba, sabon zuwa ne, ya tambayi kafintan da ke kusa aka nuna masa shagona. Ya ce ƙofar ɗakin ta saki, a gyara ta a sa mata sabon kwaɗo. Na ɗauki kayan aikina na bi shi. Allon yana nan, ba a goge darasin ƙarshe ba, na tsaya na karanta shi har ƙasa ban yi tuntuɓe ba. Sannan na daidaita ƙofar, na ɗaura kwaɗon, na gwada shi ya kama, na ba shi makullin.